Kurakuran da aka fi yi wajen karanta takardar awon jini

Ƙanena ya iske ni gida a Tawa bayan sallar magariba, takarda a hannu, hankalinsa a tashe. Matarsa tana da cikin wata shida, an yi mata awon jini, kuma ya ga taurari har uku a gefen lambobin. "Yaya, duba mini, jininta ya lalace ko?" Ni da na daɗe ina aikin ɗakin awo, na san wannan fargabar. Ga layukan da suka shafe mu, yadda suke a takardar:

```
Hémoglobine      11,2 g/dL *  (12-16)
VGM              76 fL     *  (80-100)
Leucocytes       11,8 G/L  *  (4-10)
Glycémie à jeun  0,98 g/L     (0,70-1,10)
```

Kuskuren farko shi ne ɗaukar tauraro a matsayin sunan cuta. Tauraron nan, ko harafin H na sama da L na ƙasa da wasu na'urori ke bugawa, abu ɗaya yake faɗa: lambarka ta fita daga iyakar da ke cikin baka. Ita kuwa iyakar, wadda ake rubuta wa Valeurs de référence, ana samo ta ne ta hanyar auna mutane masu lafiya da yawa, a ɗauki kashi 95 cikin 100 na tsakiya. Ke nan mutum ɗaya cikin ashirin, lafiyarsa lau, zai faɗa waje. In aka yi maka awo iri ashirin a takarda guda, samun tauraro ɗaya ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne nisan da lambar ta yi da iyaka. Hémoglobine, wato abin da ke ba jini jansa kuma yake ɗaukar iska zuwa sassan jiki, in ya nuna 11,2 da in ya nuna 6,5 duka tauraro ɗaya za a buga musu, alhali na biyun yana buƙatar asibiti a ranar, ba a kwana da shi.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi cin mutane, shi ya sa zan daɗe a kansa. Ba a tambaya: wannan iyakar ta wa ce? Na'ura ba ta san matar ƙanena tana da ciki ba. Iyakar 12 zuwa 16 ta mace baliga ce wadda ba ta da juna biyu. Mai ciki ruwan jininta yana ƙaruwa fiye da jajayen ƙwayoyin, sai lambar ta ɗan sauka ba tare da wata cuta ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa namiji yana da ƙarancin jini in ya gaza 13, mace in ta gaza 12, mai ciki kuwa sai ta gaza 11, ko 10,5 in tana watanni ukun tsakiyar ciki. Don haka 11,2 ɗinta bai shiga ƙarancin jini ba tukuna. Haka su ma Leucocytes, fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, sukan hau a lokacin ciki. Na tambaye shi ko tana zazzaɓi, ko zafin fitsari, ko tari. Ya ce babu ko ɗaya. To 11,8 ba dalili ba ne na zuwa kanti a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta, abin da nake gani ana yi kullum, kuma yana damuna ƙwarai.

Tauraron da ya rage shi ne mai magana. VGM girman jajayen ƙwayoyi yake nunawa, kuma 76 yana nufin sun ƙanƙance. A nan wajenmu abin da ya fi kawo haka shi ne ƙarancin ƙarfe a jiki, balle ga mai ciki da jariri ke ja daga gare ta. Wato jinin bai faɗi ba, amma rumbun yana ƙarewa. Akwai kuma masu gādon ƙananan ƙwayoyi, shi ya sa likita kan nemi awon Ferritine, mai nuna ajiyar ƙarfe a jiki, in yana shakka. Da na bincika, ashe ta bar shan ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta wajen awon ciki saboda suna tayar mata da zuciya, in ma ta sha, da shayi take haɗiyewa. Shayi kuwa yana hana hanji ɗaukar ƙarfen. Gyaran shi ne ta koma shan su da ruwa, ta raba su da lokacin shayi, in sun dame ta ta gaya wa ungozoma a canza mata lokacin sha.

Sai na ɗora yatsa a layi na ƙarshe, wanda bai ko kalla ba tunda babu tauraro. Kuskure na uku ke nan, a ɗauka duk abin da ba a yi wa alama ba lafiya ne. Sukari 0,98 kafin karya kumallo daidai ne ga ni da shi, don ba a kiran sunan ciwon sukari sai an samu 1,26 ko fiye, an kuma sake samu a wata rana. Amma ga mai ciki, daga 0,92 ake fara maganar sukarin ciki, wanda kan sa jariri ya yi girman da zai wahalar da haihuwa. Lambar da ta fi ba ni damuwa a takardar duka ita ce wadda na'ura ta wuce shiru.

Kafin na tsorata shi sai na tambaya ko ta sa wani abu a baki da safen. Kalmar à jeun tana nufin awa takwas aƙalla ba ci ba sha sai ruwa zalla. Mutane da yawa ba sa lissafa koko, ko fura, ko shayi mai sukari a cikin abinci, sai su ce ba su ci komai ba. Ya ce yana jin ta ɗan kurɓi koko kafin su fita, don jiri kan kama ta. In haka ne, lambar ba ta da amfani, sai an sake. Tunda tana tsakanin mako 24 da 28, lokacin ne ma da ake yin awon da ake ba mace ruwan sukari giram 75 ta sha, a ɗebi jini sau uku. Iyakokinsa 0,92 kafin sha, 1,80 bayan awa ɗaya, 1,53 bayan awa biyu, kuma ɗaya kaɗai in ta kai ya isa a ce sukarin ciki ne.

Nan ya zaro wata tsohuwar takarda da aka yi mata a Yamai bara, ya ce ai can sukarinta 4,6 ne, yaya ya zube zuwa ƙasa da ɗaya? Bai duba ma'auni ba. Waccan an rubuta ta da mmol/L, wannan da g/L, kamar ka auna hatsi da tiya yau gobe ka auna da buhu. Lissafin shi ne:

```
g/L × 5,55 = mmol/L
```

Saboda haka 0,98 ɗin yau ya kama 5,4, shi kuma 4,6 na bara ya kama 0,83. Sukarin hawa ya ɗan yi, ba sauka ba. Ƙananan na'urorin da ake huda yatsa a gida su kuma galibi mg/dL suke nunawa, inda wannan lambar za ta fito 98. Kada a gwada takarda biyu sai an tabbata haruffan da ke bayan lambar iri ɗaya ne, kuma kowace lamba a karanta ta da iyakar da ke takardarta, don ɗakunan awo sukan ɗan bambanta.

Na ce masa gobe su koma wurin ungozomar da ta rubuta awon, su tafi da takardun biyu da katin awon ciki, su faɗa mata maganar kokon da ta ƙwayoyin da aka bari. Ya linke takardun ya sa aljihu, ya tambaya ko ruwa ma ba za ta sha ba kafin a sake awon. Na ce ruwa kam ta sha, balle da zafin nan na Tawa, koko ne zai jira sai an gama ɗiban jini.