Sabon zuwa mai riƙe da kirifto, fara rubuta uwar kuɗinka tun yau

Mutanenmu ba a koya masu kasuwa. Yaro zai sauka ƙasar waje, kafin ya gama gane hanyar jirgin ƙasa ya riga ya san dandalin da USDT ya fi araha. Wannan yana burge ni. Abin da ke ɓata mini rai shi ne, ka tambaye shi nawa ya sayi abin da ke walat ɗinsa, sai ya ce, "Ai yana cikin manhaja." Buɗe asusu da tantance katin shaida ba sa bukatar dogon bayani, kowa na gama su a zama ɗaya. Inda ake faɗuwa shi ne lissafin uwar kuɗi.

Hukumar haraji a Birtaniya, Amurka da Kanada tana kallon kirifto a matsayin kadara. Harajinta yana kan riba, wato abin da ka samu ranar da ka rabu da kadarar, a cire abin da ka kashe wajen sayenta. Kuma rabuwa ba sai kuɗi sun shigo banki ba. Ka musanya ETH da USDT, ka rabu da ETH. Ka biya kuɗin kaya da BTC, ka rabu da shi. A Birtaniya ko kyauta ka yi wa ɗan uwa, muddin ba matarka ko mijinki ba ne, ana lissafa ta kamar ka sayar a farashin ranar. Masu tura wa dangi USDT duk wata, ku lura da nan. Ribar da ke ciki ƙila ba ta taka kara ta karya ba, amma kowane turi yana bukatar layinsa a littafi. Mayar da kaya daga walat ɗinka zuwa wani walat naka ba sayarwa ba ne, sai dai dole ka iya nuna cewa duka biyun naka ne.

Ga yadda lissafin yake a tsarin HMRC, hukumar harajin Birtaniya, inda shekarar haraji ke farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu. A ce ka sayi ETH 2 a kan fam 2,400 har da caji. Bayan wata shida ka ƙara ETH 1, shi ma a kan fam 2,400 saboda farashi ya hau. HMRC tana haɗa duk ETH ɗinka wuri guda ta fitar da matsakaici: ETH 3 a kan fam 4,800, kowane ɗaya fam 1,600 ke nan. Wata rana ka musanya ETH 2 da USDT, darajarsu a lokacin fam 5,800, dandali ya ci fam 20. Uwar kuɗin waɗannan biyun fam 3,200 ce. Cire ta, cire cajin, ribarka fam 2,580. Tun daga shekarar haraji ta 2024/25, ribar fam 3,000 ta farko babu haraji a kanta, don haka idan wannan ce kaɗai ribarka a shekarar, ba a bin ka ko kwabo. ETH ɗaya da ya rage yana ɗauke da uwar kuɗi fam 1,600, ka rubuta ka ajiye domin gaba.

To, a ce ba ka da hujjar sayen nan biyu. Hukuma na iya ƙin karɓar fam 3,200 da baki kawai, ta ɗauki fam 5,780 a matsayin riba. An cire 3,000, saura 2,780, a kashi 18 cikin ɗari kusan fam 500 ke nan za ka biya a kan cinikin da bai kamata ya ci maka komai ba.

Kuma sayen farko shi ne ya fi ɓata wa sababbin zuwa, domin yawanci kafin su taso suka yi shi, ta P2P, da wani kuɗi daban, daga asusun bankin da yanzu ko shiga ba sa iya yi saboda lambar wayar da ke karɓar saƙon tabbaci ta mutu. Wani matashi ya taɓa kawo mini nasa ana dab da 31 ga Janairu, ranar ƙarshe ta cike fom ɗin haraji ta intanet a Birtaniya. Ya ajiye kwamfuta a gabana ya ce, "Yaya, komai yana nan." Muka buɗe. Sayarwa duk ta fito, layi bayan layi, amma wajen saye babu komai sai shigowar kaya daga wani adireshi. Dandalin da ya saya a can ya daina aiki a ƙasar da yake a da. Muka koma tonon imel ɗinsa da tsofaffin hotunan allo a waya, muna daidaita kowace TxID, wato lambar shaidar turi, da kwanan wata, muna neman farashin ranar da canjin kuɗin ranar. Mun gano wasu, wasu kuwa sun tafi. Kada ka ce irin wannan sai ƙananan dandali: FTX ya durƙushe a Nuwamba 2022, LocalBitcoins ya rufe a 2023.

Abin da za ka rubuta ba shi da yawa. Ga kowane ciniki, kwanan wata da lokaci, irin kirifto, adadi, darajarsa da kuɗin ƙasar da kake biyan haraji a wannan ranar, cajin da aka cire, wurin da aka yi cinikin, da TxID ko adireshin walat. Darajar ranar ita ce ake yi wa sakaci, alhali ita ce ta fi wuyar ganowa daga baya, musamman idan kirifto ka musanya da kirifto, fam ko dala ba su shiga tsakani ba. Duk ƙarshen wata ka sauke fayil ɗin CSV daga kowane dandali, ka haɗa da bayanan asusun banki na watan, ka ajiye wuri biyu. Wasu dandalin ba sa barin a sauke tarihi mai tsawo a lokaci ɗaya, tarihin P2P kuma sau da yawa a wani shafi yake daban.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko littafinka ya cika. Haɗa duk abin da ka saya, cire duk abin da ya fita, ka kwatanta da abin da ke walat ɗinka yanzu. Idan littafi ya ce ETH 1, walat ya ce 0.93, akwai caji ko turi da ka tsallake. Masu amfani da manhajar lissafin haraji kuma su duba kowane layin da uwar kuɗi ta fito sifili, domin yawanci manhajar ce ta ga kaya sun shigo ba ta san daga walat ɗinka suka fito ba.

Hasara ma a rubuta ta. A Birtaniya ana cire ta daga ribar wasu shekaru masu zuwa, amma sai ka sanar da ita cikin shekara huɗu daga ƙarshen shekarar harajin da ta faru. Kuma kada ka ɗauki lissafin wata ƙasa ka kai wata. A Amurka ana shigar da ciniki a fom 8949, kuma harajin abin da ka riƙe fiye da shekara ya bambanta da na wanda bai kai ba. A Jamus, abin da ya wuce shekara a hannunka babu haraji a kan ribarsa, amma ba za a yarda ya wuce shekarar ba sai ka nuna ranar da ka saya.

Masu cewa hukuma ba ta gani, tun 1 ga Janairu 2026 dandalin da ke aiki a Birtaniya suke tattara bayanan masu asusu domin miƙa wa HMRC. Sayarwarka za ta isa gabansu ko ba ka kai ba. Sayen da ka yi ta P2P shekarun baya kuwa ba ya cikin abin da za a miƙa, kai ne za ka kawo shi da hujja.