Yadda ake duba baƙaƙe da wasulla a rubutun ajami

A ƙauyukan Kano da Jigawa har yanzu akwai dattawan da ke rubuta wasiƙa, lissafin bashi ko waƙen wa'azi da ajami, kuma sau da yawa akan miƙa wa wani takardar ya duba kafin a aika ko a kwafa. Mai dubawa ya raba aikin gida biyu, ya bi baƙaƙe tukuna sannan ya dawo kan wasulla, domin idon da ke neman duka a lokaci guda yakan tsallake ɗigo. Za mu gwada da jimla ɗaya da wani manomi a ƙasar Ringim zai iya rubuta wa ɗansa: "An ƙara sayen garin gero."

Matakin farko shi ne a gane ko da Warshu aka yi rubutun ko da Hafsi. A Warshu, wanda shi ne na makarantun allo, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A Hafsi, wanda 'yan Islamiyya suka saba da shi, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf kuwa biyu gare ta. Saboda haka idan dattijon ya rubuta "ƙara" da ƙaf ɗin Warshu, ɗan da ya tashi da Hafsi zai karanta "fara", ya ɗauka yanzu aka soma saye alhali ƙari aka yi. Wannan ba kuskuren marubuci ba ne, kuma bai kamata a gyara masa ba. Kuskuren shi ne a cakuɗa tsarin biyu a takarda ɗaya, kuma ana gane hakan ta hanyar nemo kowace fa da kowace ƙaf a shafin a ga ko sun bi hanya guda.

Daga nan sai a koma kan sautukan da Larabci ba shi da su. Ana rubuta ɗ da ɗa mai hannu, ts da ɗa mai hannu mai ɗigo uku a sama, c da baƙin nan mai kama da ta amma da ɗigo uku, g kuma da angai. A jimlarmu "garin" da "gero" duka da angai suke farawa, kuma idan ɗigon sama ya faɗi, baƙin ya koma ain. Marubuta da yawa ba su bambanta b da ɓ, wasu kuma sukan ƙara ɗigo. Tun da ajami ba shi da daidaitacciyar ƙa'ida guda, ma'aunin shi ne ko mutum ya tsaya kan zaɓinsa daga farko har ƙarshe.

Wasulla su ne suka fi cin lokaci. Fataha tana ba da a, kisira i, rufu'a u, ɗauri kuma yana nuna baƙin da ba shi da wasali, kamar nun ɗin ƙarshen "an", "sayen" da "garin". Wasalin e kuwa imala ce, wato ɗigo mai kauri a ƙarƙashin baƙi. Idan alƙalami ya ja ta ta yi tsawo sai ta zama kisira, "gero" ya koma "giro". Ta fi wuya a ƙarƙashin baƙin da ke da nasa ɗigon a ƙasa, irin ya ta "sayen", inda dole a ga ɗigo biyu na baƙin, sannan na imala daban kuma ya fi su girma. Dalilin da ya sa alarammomi ke sa wasulla da jar tawada a rubutun Alƙur'ani ke nan, kuma dabarar tana da amfani a ajami.

Bayan haka a auna tsawon wasali ta hanyar furta kalmar da baki. "Gari" na niƙa yana jan a, don haka sai an sa alif bayan angai. Idan babu shi, an rubuta garin da mutane ke zaune. Dogon i yana ɗaukar ya, dogon u yana ɗaukar wau. Shadda ma a neme ta, domin ita ce ke raba "baba" da "babba".

Akwai inda dubawa ba ta da ta cewa. A hannun marubuta da yawa rufu'a da wau ne ke ɗaukar o da u duka, har "goro" da "guru" su fito iri ɗaya, sai ma'anar jimla ta raba su. A ganina kada a kira wannan kuskure, sai idan marubucin yana da alamar o tasa a wasu wurare ya manta ta a nan.

Idan an buga rubutun a waya ko kwamfuta, a sake dubawa a kan wata na'ura, domin salon rubutu da yawa ba su da imala ko fa ta Warshu, sai su nuna ɗan akwati a gurbinsu. Salon Alkalami da Harmattan an tsara su ne don ajamin Afirka ta Yamma, kuma da su ya fi dacewa a gwada. A ƙarshe a ba wanda bai san abin da ke cikin takardar ba ya karanta da ƙarfi, a sa alama duk inda ya yi tuntuɓe, sannan a koma a duba ɗigon wurin da wasalinsa.