Yadda Ake Haɗa Murmushi da Buɗe Baki a Fuskar 3D Ba Tare da Leɓe Ya Lalace Ba

Duk wanda ya taɓa sassaƙa yanayin fuska a Blender ya san wannan takaicin. Ka yi murmushi ya fito tsaf, ka yi buɗe baki shi ma ba laifi, amma da ka ɗaga su tare sai leɓen ƙasa ya nutse cikin haƙora.

Dalilin lissafi ne. Daga kowane `Shape Key`, wato sifar da ka sassaƙa, tazarar da kowane ɗigo ya yi daga `Basis`, fuskar asali, kawai manhaja take ɗauka, kuma tara su take yi. A ce `jawOpen`, na buɗe baki, yana jan tsakiyar leɓe baya da milimita 4, `mouthSmile`, na murmushi, kuma da 3. Idan sun haɗu, 7 ke nan, alhali tsakanin leɓe da haƙori 5 ne. Dole ya shige.

Kada ka taɓa sifofin nan biyu, domin kowacce lafiyarta ƙalau ita kaɗai. Ta uku za ka ƙirƙira, mai gyara haɗuwarsu.

Da farko kai `jawOpen` da `mouthSmile` zuwa 1. Sai ka danna `+` a gefen jerin `Shape Keys` a samu sabuwar sifa, ka raɗa mata `fix_jaw_smile`, ita ma ka kai ta 1. Guji `New Shape from Mix` a nan. Tana kwafo motsin biyun gaba ɗaya, sai komai ya ninku, haɓa ta zazzago har ƙirji.

Yanzu shiga `Sculpt Mode` da sabuwar sifar a zaɓe, ka tabbata ba ka kulle ta ita kaɗai ba, don ka riƙa ganin haɗin. Jawo leɓen waje a hankali har haƙora su koma bayansa, ka daidaita kusurwar baki. Iyakar wurin da ya ɓaci za ka taɓa. Ni nakan duba ta gefe, don ta gaba ido yana yaudara.

Saura ta riƙa tashi da kanta. Danna dama a kan `Value`, zaɓi `Add Driver`, ka haɗa `a` da ƙimar `jawOpen`, `b` da ta `mouthSmile`, ka rubuta:

```
a * b
```

Idan ɗayansu sifili ne, gyaran ba ya motsi. Idan duka suna 0.5, yana kan 0.25. Wasu sun fi son `min(a, b)`, wanda zai ba da 0.5, amma yakan yi ɗan fizga daidai inda ɗaya ta wuce ɗaya, shi ya sa na fi natsuwa da ninkawa.

Kada ka tsaya gwaji a 0 da 1 kawai. Bar baki a buɗe rabi, ka ja murmushi sannu daga ƙasa zuwa sama kana kallon leɓen. In ya kumbura a tsakiyar hanya, gyaran ya yi yawa. Koma ka rage shi har ya tsaya dab da haƙori.