Yadda ake zana lanƙwasar jimillar tarawa don gano midiyan da kwatayil

A ce ɗalibai 40 ne 'yan aji biyu na babbar sakandare a wani ƙauye kusa da Ringim suka yi jarrabawar lissafi. Masu maki 10–19 su 2 ne, 20–29 su 5, 30–39 su 9, 40–49 su 12, 50–59 su 8, 60–69 su 4.

Fara da tarawa, kowane rukuni a ɗora shi kan na bayansa: 2, 7, 16, 28, 36, 40. Idan lambar ƙarshe ba ta zo 40 ba, kada ka taɓa takardar giraf, koma ka sake lissafi.

Sai iyakar sama ta kowane rukuni, wato makin ƙarshe na rukunin da ƙarin rabin maki: 19.5, 29.5, har zuwa 69.5. A nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa, domin hannunsu ya saba da tsakiyar rukuni. Lambar 16 tana nufin mutum 16 ne makinsu bai wuce 39 ba, kuma ba a gama ƙirga su sai an kai ƙarshen rukunin. Don haka ɗigon yana kan 39.5, ba 34.5 ba.

A layin kwance ba kowane maki 10 santimita 2, a na tsaye kuma kowane mutum 5 santimita 2. Ɗigon farko a sa shi kan 9.5 da sifili, tunda babu wanda ya ci ƙasa da haka, sauran shida su biyo. A haɗa su da fensir mai tsini, layi guda mai santsi, ba da rula ba. Tsinken tsintsiya mai laushi yana taimakawa: wani ya lanƙwasa shi bisa ɗigogin, kai ka bi. Layin ba ya taɓa gangarowa. In ya sauko, yawan kowane rukuni ka ɗiga maimakon jimilla.

Midiyan, wato makin da ke tsakiya in an jera ɗalibai bisa makinsu, yana wajen mutum na 20, rabin 40. Daga 20 a layin tsaye ja layi a kwance har ya taɓa lanƙwasar, ka sauko tsaye: kusan maki 43. Kwatayil na ƙasa, Q1, daga 10 ake ja, wato kashi ɗaya cikin huɗu na 40, ya ba da kusan 33. Na sama, Q3, daga 30, wato kashi uku cikin huɗu na 40, kusan 52. Tazararsu 19 ke nan. Bar layukan nan a takarda, mai duba aiki yana son ganin su.

Gwada amsarka da jimillar da ka tara. Mutum 16 ne a ƙasa da 39.5, 28 a ƙasa da 49.5, to dole na 20 ya faɗo cikin 40–49. Wanda ya samu 38, tsakiyar rukuni ya ɗiga, zanensa duka ya goce hagu da maki 5. Bambancin rabin maki ko ɗaya tsakaninka da abokin zamanka kuwa daga lanƙwasar hannu ne, ba kuskure ba.