Yadda za ka lissafa farashin kayan waje da kudinka kafin banki ya cira

Ka fara hada kudin kayan da kudin aikowa, a ce kaya dala 80 ne, aikowa dala 10, ya zama dala 90 ke nan. Daga nan sai ka duba canjin bankinka a manhajarsu ko ka tambaye su, kar ka dauki wanda ka gani a intanet don shi na tsakiya ne tsakanin saye da sayarwa, banki kuwa sai ya dora nasa a kai. A ce dala daya 20 ce a kudinku, 90 sau 20 ya ba ka 1,800.

To saura cajin banki, in kashi 3 cikin dari suke cira a cinikin waje sai ka ninka 1,800 da 1.03, ya zama 1,854, in akwai tsayayyen caji kamar 30 a kowane ciniki ka kara, 1,884.

Inda mutane ke shan mamaki shi ne ranar da ka biya sau da yawa rike kudin kawai ake yi, sai bayan kwana biyu ko uku a cire na gaske da canjin wannan ranar, in dala ta tashi zuwa 20.5 lissafin ya koma kusan 1,930. Ni dai ina barin karin kashi 5 cikin dari a asusu saboda haka. In shagon ya ce ka zabi biya da kudinku ko da dala, zabi dala, canjin shago ya kan fi na banki tsada.