Yadda ake zaɓar bukukuwan finafinai ga gajeren fim na farko

Kafin ka cike fom ko ɗaya, yanke kuɗin da za ka iya kashewa ba tare da ka sa ran dawowarsu ba, domin ba a mayar da kuɗin shiga, an ɗauki fim ɗinka ko ba a ɗauka ba. A ce fim ɗin na minti 12 ne, ka gama shi a watan Agusta, kana da dala 300 a hannu. Da wannan misalin za mu yi tafiya.

Mataki na farko shi ne ka karanta ƙa'idar nunin farko, tun kafin ka dubi farashi. Fim yana da nunin farko na duniya, wato ranar da aka fara haska shi ga jama'a a ko'ina, sannan yana da na ƙasa da ƙasa, wato haskawa ta farko a wajen ƙasar da aka yi shi. Kowanne sau ɗaya ake samunsa. Bikin Venice yana buƙatar gajeren fim ɗin da ba a taɓa nunawa ba sam. Gasar gajerun finafinai ta Berlin tana lamuntar wanda aka nuna a ƙasarsa kawai. Bikin Sundance kuwa ba ya gindaya wannan sharaɗi ga gajerun finafinai. Saboda haka kada ka ɗora fim ɗin a YouTube tukuna, ko da zumuɗi ya kama ka. Ajiye shi a shafin bidiyo na Vimeo da kalmar sirri, ka riƙa ba masu tantancewa.

Daga nan sai tsawon fim. Gasar Cannes ba ta karɓar gajeren da ya wuce minti 15, Berlin kuma tana kaiwa minti 30. Ko inda ƙa'ida ta yi sassauci, mai tsara shiri yana cusa finafinai da dama ne cikin zama guda na kamar awa ɗaya da rabi, don haka fim mai minti 12 ya fi mai minti 28 saurin samun gurbi.

Yanzu ɗauko kalanda. Rubuta ranaku uku ga kowane biki: ranar rufe karɓa, ranar ba da amsa, da ranar haskawa. Ta tsakiyar ce mutane ke mantawa, ita ce kuma ke jefa su cikin tsaka mai wuya. Berlin ana yin ta a Fabrairu, ana rufe karɓar gajerun finafinai tun cikin Nuwamba. Idan wani ƙaramin biki a wata ƙasa ya amsa maka a Oktoba cewa zai haska fim ɗin a Nuwamba, ka amince, to ka rufe wa kanka ƙofar gasar Berlin tun ba su kalli aikinka ba. Maganin wannan shi ne ka jera su yadda masu tsauraran ƙa'ida za su ba da amsa kafin ƙanana su haska. Amma kada jiran ya yi yawa, domin bukukuwa da dama suna karɓar fim ɗin da aka kammala cikin shekara ɗaya ko biyu ne kawai.

Batun kuɗi kuma, a FilmFreeway, shafin intanet da ake tura finafinai zuwa bukukuwa ta cikinsa, za ka ga biki ɗaya da farashi hawa-hawa gwargwadon lokacin turawa: Earlybird na masu sammako, Regular na tsakiya, Late na 'yan makara. Na farkon ya fi arha, kuma fim ɗinka zai isa kafin masu tantancewa su gaji. Idan wa'adin ƙarshe kawai ka tarar, sau da yawa gara ka tsallake.

Ni dai ga yadda zan raba dala 300 ɗin. Kusan 100 ga manyan bukukuwa biyu, ba fiye ba. Sundance kaɗai yana samun gajerun finafinai sama da 10,000 a shekara, ya ɗauki ƙasa da 100. Ko kyakkyawan fim ma faɗuwa ce ta fi kusa da shi. Kusan 150 su tafi ga matsakaitan bukukuwa huɗu ko biyar da suka dace da irin fim ɗinka. Yadda za ka gane dacewar ba wuya: buɗe jerin finafinan da suka nuna shekaru biyu da suka wuce, ka duba ko akwai na sababbin daraktoci, masu tsawo da salo irin naka. Sauran 50 ka bar wa ƙananan bukukuwa masu arha, ka haɗa da na kyauta. Idan aljihu ya gaza, rubuta gajeriyar wasiƙa tun da wuri ka roƙi a yafe maka kuɗin shiga. Wasu suna yi, musamman ga ɗalibai.

Ka yi hattara da bikin da ke raba kyaututtuka duk wata, mai rukunin gasa barkatai kowanne da kuɗinsa, amma ba ya faɗin silimar da yake haskawa, ba kuma hoton 'yan kallo ko ɗaya. Irin wannan bikin, tambarin ganye mai nuna an zaɓi fim kawai yake sayarwa don a manna a fasta. Nemi sunan darakta ɗaya da ya shiga bara, ka tambaye shi ko an haska fim ɗinsa a gaban mutane, kafin ka biya.