Yadda ake rubuta kayan da Yamai ta aika wa reshen Tawa da ƙarin farashi, da cire ribar da ba ta shigo ba

Kamfani ɗaya ne, babban magazan a Yamai reshe a Tawa, amma patoro ba ya son ya aika kaya a kan kuɗin da ya saye su, sai ya ɗora wani abu a sama. Wani don kada yaran reshe su san ainihin farashin saye, wani don ya ga ko reshen zai iya ciyar da kansa. Wannan ba laifi ba ne. Laifin yana zuwa ranar 31 ga Disamba, in aka haɗa littattafai biyu aka bar wannan ƙarin yana kwance cikin buhunan da ba a sayar ba, sai bilan ya nuna ribar da babu wanda ya biya. Cire kuɗi daga aljihun dama ka sa a na hagu ba ciniki ba ne, sai mutumin waje ya saya tukuna riba take zama riba.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Yamai ta sayi shinkafa buhu 400, kowane buhu sefa 12,000, wato 4,800,000. Ta ɗora kashi 25 cikin ɗari, buhu ya koma 15,000, takardar da ta bi kamiyo zuwa Tawa ta ce 6,000,000.

Matakin farko, rubuta fitar kaya. Don Allah kada ka sa shi a 701 kamar ka sayar wa kiliyan, sabbin kontabul da yawa nan suke fara ɓata lissafi, jimillar cinikin kamfani ta kumbura a banza. SYSCOHADA, tsarin kontabilite da muke bi, ta ware asusu 18 don irin wannan hulɗa tsakanin uwa da reshe, 185 shi ne asusun da ke tsakaninsu, 186 da 187 kuma su ne na kayan da suka wuce daga hannu zuwa hannu.

```
Yamai:  185  6 000 000  /  187  6 000 000
Tawa:   186  6 000 000  /  185  6 000 000
```

Na hagu debi, na dama kiredi. Ni ka'idata ita ce a rubuta farashi biyu a kan takardar da ta rage a Yamai, na saye da na aikawa, ta Tawa kuwa na aikawa kaɗai. Ba ya cin ko dala ɗaya amma watan Janairu za ka gode wa kanka.

Tawa ta sayar da buhu 300 a kan 16,500, ta samu 4,950,000. Da aka yi ƙidayar ƙarshen shekara an tarar da buhu 100 a magazan, magazinye ya rubuta su 15,000 kowane ɗaya tunda shi farashin da ya sani ke nan, sitok ɗin Tawa ya tashi 1,500,000.

To ga inda ake faɗuwa, kuma nan nake so ka tsaya da kyau. Mutum ya ji an ce kashi 25 aka ɗora, sai ya ɗauki kalkuleta ya buga kashi 25 na 1,500,000 ya samu 375,000 ya ce wannan za a cire. Ba haka ba ne. Kashi 25 ɗin a kan kuɗin saye aka ɗora shi, a kan 12,000, shi kuwa 1,500,000 ɗin da ke gabanka ya riga ya haɗiye ƙarin a cikinsa. In saye 100 ne, aikawa 125 ne, ƙarin 25 ne cikin 125, wato ɗaya bisa biyar. Saboda haka 1,500,000 sau 25 a raba da 125, ya ba ka 300,000. In kana shakka ka koma kan buhu ɗaya, 15,000 ban da 12,000 saura 3,000, sau buhu 100, ga 300,000 ɗinka. Wanda ya cire 375,000 ya mayar da buhu 11,250, ƙasa da abin da aka biya mai kaya, kuma da haka ake gane kuskuren: duk lokacin da ka gama cirewa ka raba abin da ya rage da yawan buhu, dole ya dawo daidai da faktir ɗin saye, in bai dawo ba ka sake lissafi.

Kuma ka tambayi patoro da kyau me yake nufi da kashi 25 ɗinsa, don wasu 'yan kasuwa in sun ce haka suna nufin rubu'in farashin aikawa ne, da haka ne buhun 12,000 zai tafi a 16,000 ba 15,000 ba. Maganar baki ba ta isa, takarda za ka duba.

Wani abu kuma, ba duk abin da ke magazan ɗin Tawa ne ya fito daga Yamai ba. In shugaban reshe ya sayi wasu buhuna da kansa wajen wani ɗan kasuwa a Ƙonni, waɗannan babu ƙarin kowa a kansu, a kuɗin sayensu suke, kada ka taɓa su. Shi ya sa nake cewa ranar ƙidaya a yi tari biyu a takarda biyu, in aka gauraya su sai dai a yi ta kame-kame. Haka kuɗin kamiyo da na 'yan dako, kuɗi ne na gaske da suka fita zuwa hannun wasu, a rubuta su daban kada a cusa su cikin ƙarin.

Yanzu cirewar kanta. In an haɗa littattafai 186 da 187 suna kashe juna, 185 na nan da na can su ma haka. Abin da ya saura shi ne a sauko da sitok, 6031 asusun canjin sitok ne, 31 kuma na kayan da ke magazan:

```
6031  300 000  /  31  300 000
```

Sitok ya koma 1,200,000. Ka gwada ka gani, littafin Yamai yana nuna ribar 1,200,000 a kan aikawa, na Tawa yana nuna 450,000, jimilla 1,650,000. Amma abin da kamfani ya ci da gaske buhu 300 ne sau 4,500, wato 1,350,000, bambancin shi ne 300,000 ɗin nan daidai.

In 185 ya ƙi kashe juna, kafin ka zargi kowa ka duba kayan da ke hanya. Ace Yamai ta ƙara loda buhu 40 ranar 30 ga Disamba, mota ta kwana Dogon Dutsi ba ta shiga Tawa ba sai 2 ga Janairu, Yamai za ta nuna 6,600,000 Tawa kuma 6,000,000. Sai a rubuta 600,000 ɗin a 186 da 185 na Tawa, kayan kuma a sa su 381, asusun kayan da ke hanya, kai tsaye a kan kuɗin saye, 480,000. Kayan da Tawa ta mayar Yamai su ma a juya rubutun a kan 15,000 ɗin da suka zo da shi.

Shekara mai zuwa kada ka manta da 300,000 ɗin bara. Littafin Tawa zai buɗe da 1,500,000 alhali na kamfani 1,200,000 ne, in buhunan nan sun fita ribar ta tabbata sai ta dawo. Ace ƙarin da ke cikin sitok na sabuwar shekara 200,000 ne, ka mayar da 300,000 ka cire 200,000, wato 100,000 za a ƙara a kan ribar da littattafan biyu suka nuna. Ka ajiye takardar lissafin nan tare da ta ƙidaya a dosiye ɗaya, don mai binciken asusu ita zai fara tambaya.